Kashi na Biyar a Wayar Baba

Afra'u tana riƙe da bakin tamfol lokacin da ta ji mahaifinta ya ce "Wash!" da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Ta ɗago kai. Malam Ya'akubu ya saki damin riɗin da ya ɗauko, ya ja da baya da ƙafa ɗaya, sannan ya zauna daɓas a kan kunya yana riƙe da idon sawunsa na dama. Wani abu gajere mai zane-zane, launin ƙasa, ya sulale ya shige ƙarƙashin sauran dammunan da aka jingine a gindin ɗorawa.

"Kububuwa ce," in ji shi a hankali. "Na gan ta da idona."

Ranar Asabar ce, hantsi ya ɗaga. Afra'u malama ce a wata firamare a Bukan Sidi, kuma ba ta cika zuwa gona ba, sai dai lokacin kakkaɓe riɗi, da ake neman kowane hannu. Gonar tana can bayan Akurba, tafiyar minti arba'in a babur kan hanyar da keke napep ba ya shiga. Su uku suka zo: ita, da mahaifinta, da yayansa Baffa Abdulbaƙi, wanda ya haura saba'in amma har yanzu ba a yanke magana a gidansu sai da shi.

Ta durƙusa gaban ƙafar. Huda biyu ne ƙanana a saman idon sawu, jini yana tsattsafowa daga cikinsu. Ta goge da gefen mayafinta, wani ya sake fitowa.

"Baba, yana zafi?"

"Kamar an ɗora mini garwashi."

Baffa Abdulbaƙi ya ƙwala wa maƙwabcinsu kira. Iorhemba, wani Batibi mai gonar doya a gefen tasu, ya taho a guje da fartanya a hannu. Kafin ya iso har Baffa ya kwance robar ɗaure kaya daga bayan babur, ya zaro sabuwar reza daga cikin hularsa.

"Riƙe mini shi," ya ce wa Iorhemba. "A ɗaure sama da gwiwa tamau, a tsaga wurin, dafin ya fito. Ina da baƙin dutse a gida, in mun je a ɗora."

Akwai abin da Afra'u ta taɓa ji game da wannan robar da wannan rezar, kuma ta san inda ta ji shi.

A cikin manhajar da take jin waƙoƙi a wayarta akwai sashen shirye-shiryen magana da ake kira fodkas. Tun bara take bin wani mai suna Kafin Asibiti, inda wata likita, Dakta Mutmainna, take bayani da Hausa kan abin da mutum zai yi wa marar lafiya kafin a kai ga likita. Tun da ta danna alamar bin shirin ta kuma kunna masa sauke kai-tsaye, duk Litinin sabon kashi yakan sauka cikin wayar da kansa, ta saurara a keke kan hanyar makaranta ko da babu sabis. Wata guda da ya wuce an yi kashi guda sukutum a kan saran maciji. Ta saurare shi tana wanke-wanke, rabin hankalinta a kan tukwane.

"Baffa, don Allah dakata," ta ce. "Likita ta ce kada a tsaga."

"Wace likita?"

"Ta cikin waya. Ta ce kada a tsaga, kuma ɗaurin ma…" Sai ta tsaya. An ce kada a ɗaure ne sam, ko an ce a ɗaure amma ba tamau ba? Ta tuna an ambaci ƙyalle da sanda. To ƙyallen na mene ne in ba ɗauri ba? Duk abin ya cakuɗe mata.

Baffa ya ga tsayawar tata. "Ke ma ba ki sani ba. Tun kafin a haifi ubanki nake ganin saran maciji. Matsa."

"Minti ɗaya, Baffa. Minti ɗaya kawai, ka ji da kunnenka."

Ta faɗa tsakaninsa da ƙafar, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba, ta ciro wayarta. Yatsanta ya jiƙe da gumi, sai da ta goga a zani sau biyu kafin wayar ta buɗe. Babu sabis ko layi ɗaya; a gonar nan dama sai an hau tudun bakin rafi ake samu, shi ma ba kullum ba. Ba ta damu ba, ai abin da aka sauke ba ya bukatar sabis. Ta shiga manhajar, ta shiga jerin abubuwan da ta sauke. Kashi ɗaya ne kawai a wurin, na wannan makon, kan zazzaɓin yara, wanda ba ta gama ji ba.

Ta koma shafin shirin. Ga sunan kashin nan, Saran Maciji, amma rubutun ya dusashe, kuma 'yar alamar nan da ke nuna an sauke ba ta gefensa. Ta danna. Wayar ta ce babu intanet. Ta sake dannawa, ta sake.

A nan ta tuna. Da hannunta ta kunna saitin, ranar da wayar ta cika har ta ƙi ɗaukar hoto: duk kashin da aka saurara har ƙarshe, manhajar ta goge shi da kanta. Ta ji na macijin har ƙarshe, har kiɗan rufewa. Ya fi mako huɗu da barin wayar.

"Ina likitar?" in ji Baffa.

"Ta goge," ta ce.

"To, madalla. Iorhemba, ɗaga ƙafar."

Iorhemba bai ɗaga ba. Ya dubi ƙafar, wadda ta fara kumbura har wurin hudar yana sheƙi, ya dubi rezar. "Baba, ni ma tsoro nake ji," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Ɗan'uwana Terfa, an yanka shi haka a ƙauye, jini ya ƙi tsaya. Amma in ba a ɗaure ba kuma, dafi zai tafi zuciya. Ni ban sani ba. Ku ne masu shi."

Malam Ya'akubu ya tofar da yawu gefe. Afra'u ta bi yawun da kallo, ta ga fari ne babu jini, ta sauke numfashi. Gumi yana zuba daga goshinsa. Ya dubi yayansa, ya dubi 'yarsa, kuma ta gane ba zai iya ce wa yayansa a'a ba, ko da ƙafarsa ce za a tsaga.

"Baba, ina wayarka?"

"Tana aljihun riga."

Wata biyu baya, da aka ce masa jininsa ya hau, ta saka masa manhajar ta danna masa bin shirin, don ya ji kashin hawan jini. Ta kunna masa sauke kai-tsaye kamar nata, da gogewar ma, ta zaɓi a riƙa ajiye sababbi biyar, in na shida ya zo mafi tsufa ya fita. Ya ji minti goma ya ce matar ta cika magana. Tun daga nan bai sake buɗewa ba, sai mita da yake yi cewa wani abu yana shanye masa data, yana cewa ta cire masa, ita kuma tana mantawa. Abin da bai saurara ba, ba za a goge shi don an gama ji ba. Sai dai in sababbi sun ture shi. Ta shiga ƙirga Litinin da yatsu: zazzaɓin yara, ƙuna, haihuwa, farfaɗiya, maciji. Ko kuwa akwai wani a tsakani da ta manta? In akwai, na macijin ya zama na shida, ya tafi.

Ta waiwaya neman rigar. Da suka iso da safe ya tuɓe ta ya rataye a guntun reshen ɗorawar, daidai saman dammunan riɗin da macijiyar ta shige.

"Kada ki je wurin nan!" in ji mahaifinta. "Afra'u! Na hana ki."

Ta karɓi fartanyar Iorhemba ba tare da ta tambaye shi ba. Silifas ne a ƙafarta. Ta taka a hankali, idonta a ƙasa, kowane busasshen ganye yana mata kama da zanen nan. Da ya rage mata taku uku sai ta ji wani sauti daga cikin riɗin, wani ƙurji-ƙurji kamar ana goga busassun fatu biyu da juna. Ƙafafunta suka ƙi gaba suka ƙi baya. Ta ji fitsari yana neman kufce mata.

"Tsaya nan, kada ka matsa," Iorhemba ya ce mata daga baya. "Miƙa hannu kawai. Yana gargaɗi ne."

Ta kama ƙarshen ƙotar, ta miƙa iya tsawon hannunta. Bakin fartanyar ya taɓa rigar ya zame. Ta sake, ya saƙale wuyan, ta ɗaga, rigar ta taho tana lilo da nauyin waya a aljihu, kuma na ɗan lokaci ta ga kamar za ta suɓuce cikin dammunan. Ta ja da baya, ta ja, sannan ta juya ta ruga.

Da ta dawo, Baffa ya riga ya zagaya robar a cinyar ƙanensa, bai ja ba tukuna. Ta kama babban yatsan mahaifinta ta ɗora a wayar ta buɗe. Ta shiga manhajar, ta shiga abubuwan da aka sauke. Biyar ne a jere, kowanne da alamarsa. Zazzaɓin yara, ƙuna, haihuwa, farfaɗiya. A can ƙasa, na ƙarshe, Saran Maciji, minti talatin da huɗu, ba a taɓa shi ba.

Ta danna ta ƙure ƙara. Kiɗa ya tashi, sannan sallama, sannan gaishe-gaishen masu saurare daga garuruwa daban-daban. Baffa ya yi tsaki. Ta ja ɗigon gaba da yatsa, ya wuce ya faɗa inda ake maganar nau'o'in macizai. Ta dawo da shi, ta yi yawa. Ta koma danna alamar tsallakawa kaɗan-kaɗan, tana jin guntayen kalmomi, har muryar matar ta fito sarai, a natse:

"…don haka ku ajiye reza. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Wanda ya tsaga wurin ya buɗe wata ƙofar da jinin zai bi, kuma dafin ba ya fitowa ta nan. Kada a tsotsa, kada a ɗora dutse, kada a ba shi jiƙo. Kada a ɗaure da roba ko igiya, ɗaurin nan ba ya tsare dafi, ƙafar yake kashewa, na ga waɗanda aka yanke wa ƙafa saboda ɗauri, ba saboda macijin ba…"

Hannun Baffa yana kan robar.

"…A cire duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A sa sanda a gefen ƙafar a naɗe da ƙyalle sako-sako, kamar yadda ake yi wa karaya, don kada ta motsa. Kada ya taka da kansa, a ɗauke shi. Kada a tsaya neman macijin. A nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru…"

Afra'u ta tsayar. Ta dubi Baffa, hawaye yana bin fuskarta.

"Yaya," in ji Malam Ya'akubu, "a yi yadda matar nan ta ce."

Baffa Abdulbaƙi ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya zare robar ya jefar, ya mayar da rezar cikin hula. "In wani abu ya same shi," ya ce wa Afra'u, "ke da likitarki." Amma shi ne ya je ya saro sanda miƙaƙƙiya, kuma shi ne ya riƙe ta a gefen ƙafar yayin da take yaga mayafinta gida uku tana naɗewa. Maganar tasa ta zauna mata a ƙirji kamar dutse.

Iorhemba ne ya tuƙa, don ya fi su sanin ramukan hanyar. Suka ɗora Malam Ya'akubu a tsakiya, Afra'u a baya, hannu ɗaya ta rungume shi, ɗaya ta tallafi ƙafar da ke miƙe a gefe. Baffa ya ce zai biyo su a ƙasa har ya sami mai babur. Ta duba agogon waya: sha ɗaya saura kwata. Ta ce a ranta saran ya kai minti goma sha biyar, ta riƙe goma da rabi.

Hanyar ba ta taɓa yi mata tsawo haka ba. Duk ramin da suka faɗa, mahaifinta sai ya yi nishi, ita kuma sai ta ga kamar dafin ne ya ƙara hawa. Kumburin ya wuce ƙwauri. Ta riƙa cusa yatsa ƙarƙashin ƙyallen tana jin ko ya matse, sau ɗaya ta sa Iorhemba ya tsaya ta sassauta. A wajen rafi mahaifinta ya juya ya sake tofar da yawu, iska ta kawo shi kan hannun rigarta. Ja ne.

"Baba, buɗe bakinka."

Dasashinsa yana jini. Ta ji duniyar ta yi shiru. Da an ɗaure, ta ce a ranta, da bai kai nan ba. Ni na hana. Ta san abin da likitar ta ce, ta ji da kunnenta sau biyu, amma a kan babur ɗin nan da jinin ubanta a hannun riga, muryar Baffa ta fi ta likitar ƙarfi. Ta kifa goshinta a bayan mahaifinta tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Kina kuka ne?" in ji shi.

"A'a, Baba."

"To riƙe ƙafar da kyau."

Suka fito kan kwalta a Akurba, suka kutsa cikin kekuna da 'yan acaɓa, Iorhemba yana danna ham yana ihu, "Maciji! Maciji ne! A ba mu hanya!" Mutane suka riƙa darewa.

A asibiti wata nas mai suna Ursula ta tare su da keken marasa lafiya. Ta dubi sandar da ƙyallen, ta zura yatsa ƙarƙashi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Afra'u, tana jiran faɗa.

"An tsaga? An ɗaure da roba? Ya sha wani abu?"

"A'a."

"Ƙarfe nawa?"

"Goma da rabi. Kububuwa ce, ya gan ta."

Nas ɗin ta gyaɗa kai ta tura keken. Aka ɗebi jininsa aka zuba a 'yar kwalba aka ajiye, aka ce za a duba bayan minti ashirin a ga ko ya daskare. Amma da likita ya ga dasashin bai jira ba, ya ce a haɗa allurar kashe dafi a cikin ƙarin ruwa. Afra'u ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kwalbar. Da lokacin ya cika nas ta karkata ta, jinin ya gangara kamar zoɓo.

"Sista, zai mutu ne?"

"Ba a kawo shi a makare ba," in ji Ursula. "Kuma ba ku ƙara masa wani rauni ba. Da an tsaga ƙafar nan, da yanzu muna fama da jini ta wuri biyu. Za mu sake gwadawa bayan awa shida. Je ki zauna, kin fi shi rawar jiki."

Ta zauna a benci a baranda. Iorhemba ya kawo mata ruwan leda, ta kasa sha. Baffa ya iso bayan azahar, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya leƙa ɗakin, ya fito ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Mahaifiyarta da ƙannen mahaifinta suka cika barandar, kowa yana tambayarta yadda aka yi, tana maimaitawa har ta gaji.

A nan akwai sabis. Don ta sami abin yi da hannunta, ta buɗe manhajar a wayarta. Sunan kashin ya dawo da haskensa, don dama daga wayarta kawai aka goge shi, yana nan a shirin. Ta danna ta sake sauke shi, ta shiga saiti ta kashe gogewar. Sannan ta ɗauki wayar mahaifinta, wadda ta roƙi nas ta buɗe mata da yatsansa. Jibi Litinin sabon kashi zai sauka ya ture na macijin. Ta kashe gogewar a nan ma, ta ɗaga adadin da ake ajiyewa. Ta sa kashin a kunnenta daga farko, ta ji shi duka a wannan karon, kalma bayan kalma, tana neman inda ta yi kuskure. A minti na ashirin da shida likitar ta ce jinin dasashi alama ce ta dafin kububuwa, kuma yakan zo ko an ɗaure ko ba a ɗaure ba. Afra'u ta mayar da wurin baya ta sake ji. Sai ta tashi ta je ƙarshen bencin, ta durƙusa, ta miƙa wa Baffa wayar. Ya saurara da kai a sunkuye, sannan ya miƙo mata.

Gab da magariba aka sake ɗibar jini. A wannan karon ba ta iya tsayawa kallo ba, ta fita ta tsaya a gindin wata bishiya a harabar. Iorhemba ne ya zo ya same ta.

"Malama, zo. Nas ya juya kwalba, jini bai zuba ba."

Ta zauna a ƙasa a wurin ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Malam Ya'akubu ya kwana biyar a asibiti. Ƙafar ta kumbura har cinya, ta yi bororo a wurin saran, sannan ta fara saɓewa a hankali. Sai da ya yi mako uku kafin ya taka ba sanda. Baffa Abdulbaƙi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. In an tayar da zancen sai ya ce kwana ne bai ƙare ba, kuma babu mai musa masa. Riɗin kuwa shi da Iorhemba suka ƙarasa kakkaɓewa a mako na gaba, da dogayen takalman roba, suna tura kowane dami da sanda kafin su ɗauka. Sun kira Afra'u ta zo ta riƙe musu tamfol, ta ce tana da aikin makaranta.